Kujerar Da Babana Ya Roƙo Wa Taubashina

Ni da taubashina gida ɗaya muka tashi a Dutsin-Ma. Uwarsa ƙanwar babana ce, an aurar da ita Kurfi ga wani manomi, manomin ya rasu yaron bai isa riƙe fartanya ba. Babana ya je ya ɗauko shi, ya haɗa mu ɗaki ɗaya da kwano ɗaya. Tun daga ranar nake ce masa bawana, shi kuma ya ce ai bawa ba ya fin ubangidansa ƙwaƙwalwa, don haka lallai an yi kuskure wajen rabon muƙami.

Babana ɗan kasuwar hatsi ne. Yana sayen gero da dawa a kasuwar Kurfi da ƙauyukan Wurma da Shema, ya tara, ya kai inda suka yi tsada. An sa mu makarantar boko tare, ni na tsaya a midil na bi motocin Baba zuwa Maraɗi da Damagaram. Daga nan ne yawo ya shige ni, har na ƙare da Faransanci da Larabci da ɗan Fillanci a bakina. Taubashina kuwa ya yi ta wucewa. Gwamnatin Arewa ta biya masa karatu a Amurka bisa sharaɗin zai dawo ya yi mata aiki. Da ya gama jami'a aka bar shi ya yi shekara biyu yana koyon aiki a wani kamfanin inshora, a sashen da ke juya kuɗin kamfanin. Ya dawo gida a tsakiyar shekarun sittin.

Ranar da ya iso, bayan an watse daga gaisuwa, muka rage mu uku a zaure. Baba ya dube shi ya ce, "To, karatu ya ƙare ke nan?"

"Na jami'a ya ƙare, Kawu. Saura guda ɗaya."

Na ce, "Ka ji ko, Baba. Bawan nan sai ya yi furfura da allo a hannu."

Bai kula ni ba. Ya gyara zama ya yi wa Baba bayani a hankali. Ya ce a can akwai mutanen da sana'arsu ita ce nazarin kamfanoni: su karanta lissafin kamfani, su duba abin da yake sarrafawa da wanda yake saya, sannan su faɗa wa masu kuɗi ko ya dace a sayi hannun jarinsa ko a ba shi rance. 'Yan wannan sana'a sun kafa wata jarrabawa, ba da daɗewa ba, don a bambance gwani da mai surutu. Mataki uku ce. Na farko a kan kayan aiki ne, wato lissafin kamfani da ilimin tattalin arziki. Na biyu a kan yadda ake ƙiyasta darajar hannun jari da takardun bashi. Na uku a kan yadda ake riƙe dukiyar wani gaba ɗayanta, a rarraba ta yadda ta dace da bukatar mai ita, da kuma amanar da ke kan mai riƙon. Ba a tsallake mataki, ba a haɗa biyu a zama ɗaya, kuma sau ɗaya ake zama a shekara, a watan Yuni. Wanda ya faɗi sai baɗi.

"Kamar shuka," in ji Baba.

"Kamar shuka, Kawu. Na ci na farko da na biyu kafin in taho."

"To mi ya hana ka tsaya ka ci na ukun?"

Nan ya kawo maganar da ta zama tushen komai. Ya ce ba karatu kaɗai suke dubawa ba. Kafin a bar mutum ya zauna mataki na uku a ba shi shaida, sai ya cika shekara biyar yana wannan aikin da hannunsa, kuma sai shugabansa ya rubuta cewa nazarin jari shi ne ainihin abin da yake yi daga safe zuwa yamma. Yana da shekara biyu daga can. An ba shi aiki a Kaduna, a wani kamfani da ke zuba kuɗin gwamnati a masana'antu, ya kuma rubuta ya tambaya, an ce masa wannan aikin zai shiga lissafi. In ya cika shekarun sai ya koma Amurka ya zauna, domin ba a yin jarrabawar a ƙasarmu. Na ji an sassauta ƙa'idojin daga baya, har ana zama a nan gida, amma a lokacin haka suke.

Baba ya gyaɗa kai ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, shi ma ba ya barin yaro ya yi masa cinikin hatsi sai ya ga kaka da bazara sau da yawa a gefensa. Na ɗauka ya gane. Shi ma taubashina haka ya ɗauka. Abin da Baba ya riƙe shi ne akwai jira. Abin da bai riƙe ba shi ne a kan kujera ɗaya tak ake yin jiran.

Na ga yadda ake ba mutum shaida a ƙasashe da dama. A Sudan na ga malami ya ba ɗalibinsa izinin karantarwa da baki, gaban mutane, domin ya san shi. A ƙasar Faransi na ga yara sun shiga ɗakin gasa rana ɗaya, wanda ya ci ya zama ma'aikaci har mutuwa. A wurinmu kuwa wanda ya tsaya maka shi ne shaidarka. Wannan ta taubashina daban take: mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba suna ƙirga maka shekaru daga wani gari mai nisa, kuma ba ruwansu da girman kujerarka, abin da hannunka ke yi kawai suke tambaya.

Shekara biyu da wani abu ya yi a Kaduna yana wannan aiki. Duk hutun da ya zo yana da littattafai a akwati, ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida ya duƙufa. Daga baya ya daina cin hutunsa gaba ɗaya, yana tarawa don tafiyar. In na tsokane shi da cewa tsufa zai riga shaidar zuwa, sai ya ce in jira, ranar da ya samu ni zan riƙe masa jaka. Ya rage masa ƙasa da shekara guda lokacin da Baba ya yi tafiyar Kaduna.

Ciwon ido ne ya kai shi, ni na raka shi. Da muka fito daga asibiti ya ce sai ya ga inda ɗansa ke aiki. Muka shiga ginin, wani masinja ya bi da mu ta dogon baranda. A hanya muka wuce wata ƙofa da mutane ke zaune a benci suna jira. Mai ofishin ya leƙo, ya hango Baba, ya fito da sauri ya durƙusa. Ɗan wani mai awo ne daga Shema, wanda Baba ya san ubansa tun yana ɗaukar masa buhu. Shi yaron, sakandare kawai ya yi, amma ga fanka a samansa, ga darduma, ga masinja biyu a ƙofa, ga tarho. Ya sa aka kawo mana lemo.

Daga nan aka kai mu can ƙarshen gini, kusa da inda ake ajiye tsofaffin fayil. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya. Taubashina na zaune ya naɗe hannun riga, takardu sun kewaye shi har ƙasa, ga wata na'urar lissafi mai hannu yana juyawa. Ba benci a ƙofa, ba kowa. Kujerar baƙo ma sai da ya kwashe takardu daga kanta kafin Baba ya zauna. Murna ta cika taubashina. Ya jawo wani rahoto yana nuna wa Baba cewa wata matatsar man gyaɗa na neman kuɗi, shi kuma ya gano injinanta rabin shekara kawai suke aiki, ribar da masu ita ke nunawa ba za ta ɗore ba. Ban taɓa ganinsa da walwala irin ta ranar ba.

Baba ya saurara da bandeji a ido ɗaya. Ya ce, "Wa ke ƙarƙashinka a nan?"

"Ba kowa, Kawu. Ni da takarduna."

"Wa ke kawo maka ruwa?"

Ya yi dariya ya ce famfo na nan bayan ɗakin.

Muka kamo hanyar gida a mota, muka wuce Zariya. Can wajen Funtuwa Baba ya ce, kamar da kansa yake, "Maraya ne shi ya sa. Sun ga ba shi da kowa." Na ce masa a'a, Baba, shi ya zaɓi wannan ɗakin, aikin da ake ƙirga masa ke nan. Ya ce in yi shiru, yaro mai kunya ba ya faɗin an wulakanta shi.

Akwai wani babban mutum a Kaduna, ɗan garinmu, wanda suka yi makarantar allo tare da Baba. Maganarsa na da nauyi a wannan kamfani. Da ya zo gida hutun Sallah, ina Maraɗi da kaya, Baba ya sa babbar rigarsa ya je ya same shi. Daga baya na ji yadda aka yi. Baba, wanda bai taɓa roƙon kowa komai ba, ya zauna ƙasa gaban abokinsa ya ce ya zo kamun ƙafa: yana da maraya, ɗan ƙanwarsa, ya ƙetare teku ya yi karatu, an jefa shi ɗakin ajiya. Abokin ya ji kunya ƙwarai, ya ce bai sani ba, kuma in Allah ya so ba za a sake wata Sallah yaron na wurin ba.

Lokacin ofisoshi na neman 'yan Arewa masu ilimi ido rufe, don haka ba a sha wahala ba. Kafin wata biyu aka naɗa taubashina shugaban sashen ma'aikata da gudanarwa. Ɗaukar aiki, ba da hutu, gidajen ma'aikata, motoci, duk a hannunsa. Aka ba shi ofis mai fanka, da gida, da mota.

Labari ya riga shi isowa Dutsin-Ma. Ranar Asabar da ya zo, Baba ya riga ya yanka rago. Zaure cike, har da mutanen Kurfi, dangin ubansa, sun zo a kan jakuna da kekuna. Gwaggo, wato uwarsa, ta zo tun jajibere tana ta rabon goro a cikin gida. Ya sauko daga mota, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Baba. Liman ya yi addu'a. Wani tsoho ya ce yanzu Kurfi ta samu mai ɗaukar mata yara aiki. Kowa ya buɗe baki sai ya yi wa Alhaji godiya, domin Baba bai ɓoye ba, kuma ba abin ɓoyewa ba ne a wurinmu: mutum ya tsaya wa marayansa.

Taubashina ya yi duk abin da ya kamata. Ya amsa gaisuwa, ya ce amin, ya ci nama. Bayan la'asar ya ce in zo mu taka. Muka bi ta bayan gari wajen duwatsu. Na ce, "Ranka ya daɗe, bawa ya zama shugaba. Yanzu ko gaisuwa sai na bi ta hannun masinja."

Bai mayar mini ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ƙirga ta tsaya."

Na ce wace ƙirga.

"Shekarun. Daga ranar da na bar ɗakin can, ko kwana ɗaya ba za a ƙara mini ba. Hutun ma'aikata ba nazarin jari ba ne."

"Ai ƙarin girma ne. A kamfani ɗaya kake."

"Ba kamfanin suke tambaya ba."

Na ce to ya ce ba ya so mana. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya daɗe a waje har ya manta gida. Ya ce in faɗa masa ta yaya. Kawu ya zauna ƙasa gaban mutum saboda shi. Mutumin ya motsa manya, an sa hannu, an buga a takardar sanarwa. In ya ce ba ya so, ya nuna wa Kaduna cewa kawunsa bai san abin da yake yi ba, ya kuma nuna wa mutumin cewa alherinsa shara ne. Sannan ga ragon da muka ci ɗazu. Barin kamfanin ma ba zai yiwu ba, yana ɗaure da sharaɗin gwamnatin da ta biya masa karatu, kuma a duk Arewa a lokacin ba a cika samun wani ɗaki irin wancan ba.

Bai zauna haka ba, ya gwada. Ya sami shugaban kamfanin ya roƙa a bar shi ya riƙa duba rahotannin masana'antu tare da sabon aikin. Aka ce ya yi, in ya samu lokaci. Bai samu ba. Benci ya cika a ƙofarsa tun safe, rabinsu 'yan garinmu da wasiƙa daga iyayensu. Ɗan abin da yake dubawa da yamma bai kai a kira shi ainihin aikinsa ba, kuma ainihin aiki ake tambaya. An riga an sa wani a tsohon ɗakin.

Wani zuwa da na yi Kaduna, muna cin abinci da taubashina da ɗan mai awon nan na Shema, ɗan mai awon ya ce shi bai ga abin damuwa ba. "Shugaba ya rubuta cewa har yanzu kana can mana. Wa zai taso daga Amurka ya leƙa ɗakin? 'Yan watanni ne fa."

Gaskiya ni ma na ɗaga kai ina jiran amsa. Taubashina ya ce shugaban ba zai rubuta ba, kuma ko zai rubuta shi ba zai kai masa ba. Ya ce wani sashe na jarrabawar da yake son zama a kan amana ne, a kan kada ka faɗa wa mai dukiya abin da ba haka ba. Ba zai shiga ɗakin ta hanyar ƙarya ya zauna yana rubuta bayani a kan gaskiya ba. Ɗan Shema ya ce to ai sai ka yi ta zama, ya jawo kwanon miya.

Taubashina ya hana ni faɗa wa Baba. Na riƙe har ƙarshen rani, sannan na kasa. Na same shi a rumfarsa ta kasuwa ranar da ba ciniki, yana tsintar tsakuwa daga samfurin gero a tafin hannu. Na ce masa, Baba, in ka ɗauki yaro kana koya masa cinikin hatsi, ya kusa ƙwarewa, sai wani ya zo ya mai da shi mai riƙe makullin sito, da babbar riga da albashi. In aka tambaye ka ko ya cika shekarun ciniki, me za ka ce?

Ya ce, "Riƙon makulli ba ciniki ba ne."

Ya ci gaba da tsintar tsakuwar, sannan hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon geron.

"Shi ya aiko ka?"

"Ya hana ni ma."

"Nawa ya rage mashi?"

Na ce 'yan watanni.

Abin da ya biyo baya shi ya fi yi mini ciwo, domin Baba mutum ne da ya saba in abu ya lalace ya gyara shi kafin magariba. Da farko ya ce zai sayar da bijimai biyu a biya jirgi, yaron ya je ya yi musu bayani da bakinsa. Na ce ba jirgi ne matsalar ba, kuma ba wanda za a yi wa bayani, ƙa'ida ce a rubuce. Ya ce to ba su da babba? Kowace ƙungiya tana da babba, a nemo wanda ya san shi. Na ce ba mu da wanda ya san shi. Ya ce to yaron ya riƙa zuwa duk Asabar ya duba masa lissafin hatsinsa, shi zai sa a rubuta ya dangwala hannu, ai shi ma jari ne. Na ce ba irin wannan ba, Baba. Ya ce, "Wane irin mutane ne waɗanga, ba a roƙonsu, ba a biyansu?"

A ƙarshe ya ce zai koma wurin abokinsa ya warware abin da ya ƙulla. Mutumin ya zo gari ta'aziyya a makon. Baba ya sake sa babbar rigar, wannan karon na bi shi. Tun daga ƙofa mutumin ya taso ya rungume shi, gaban jama'a cike da zaure. Ya ce, "Alhaji, ni ne da godiya. Yaron nan da ka nuna mini ya gyara mana ofis. Da ka yi shiru da mun yi asararsa a cikin takardu. Na faɗa wa manya, wannan ba inda zai tsaya." Jama'a suka ce madalla. Ya juya ya ba su labarin yadda Alhaji ya riƙe maraya ya fi ɗan cikinsa, har ya nuna ni yana dariya.

Na ga Baba ya buɗe baki. Na ga ya dubi mutanen da ke zaune, ya dubi abokinsa. Ya ce, "Allah ya saka da alheri." Muka yi ta'aziyya, muka sha ruwa, muka fito. A hanya ya tsaya ya cire rawaninsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa gani ya yi a titi ba, ya ce zafi ya yi yawa.

Watan Yunin da ya kamata a ce yana Amurka, taubashina ya ɗauki hutun da ya tara, ya zo Kurfi. Ruwan shuka ya sauka a makon. Gonar ubansa na hannun ƙannen uban, ya ce yana so ya yi shuka da su. Na same shi can da safe, ya naɗe wando, wani na sara da sungumi a gaba, shi yana bi yana jefa iri yana rufewa da ƙafa. Mutanen gari na tsayawa a bakin gona suna mamakin shugaba guda da ƙafa cikin ƙasa.

Baba ne ya sa na kawo shi a mota. Ya sauka ya taka har tsakiyar gona, sabuwar ƙasa na kama masa takalmi. Taubashina ya durƙusa. Baba ya ce ya tashi, bai tashi ba.

Baba ya ce, "Yau ne?"

Taubashina ya harare ni, sannan ya ce, "Yau ne, Kawu. In gari ya waye musu can."

"Baɗi fa?"

"Shekarun da na yi ba su ɓace ba. In na koma ɗakin na cika sauran, sai in nema."

"Za su mai da kai?"

"Wataƙila, Kawu."

Dukanmu mun san a ofis ba a mai da mutum baya sai in ya yi laifi. Baba ya miƙa hannu, taubashina ya zuba masa iri a tafi. Tsohon da ya shekara talatin bai yi shuka da hannunsa ba ya bi layi ɗaya har ƙarshen gona, yana jefawa yana rufewa, mu biyu muna biye da shi.

Taubashina bai koma ɗakin ba. Da aka raba Arewa jihohi aka ɗauke shi zuwa wata kujera da ta fi waccan, daga ita zuwa wata. Ƙungiyar masu nazarin da yake ciki tun daga Amurka ta 'yan sana'ar ce, shi kuwa ya bar sana'ar, a hankali sunansa ya fita. Shekara biyu ko uku yana sayen sababbin littattafan, daga baya ya daina. Ya yi ritaya da girma, mutane da yawa daga Kurfi da Wurma da Shema sun ci abinci ta hannunsa, kuma duk wanda ya ba da tarihinsa yakan fara da ranar da kawunsa ya tsaya masa.

Har Baba ya rasu, shi da taubashina ba su sake tayar da maganar ba. Sai dai duk shekara in ruwan shuka ya sauka, Baba kan kira ni gefe ya tambaya ko har yanzu mutanen can na yin jarrabawar tasu. In ce suna yi. Ya ce, "Kuma har yanzu sai an cika shekarun?" In ce har yanzu. Sai ya gyaɗa kai ya aike ni wani abu.